Sunan Kamfanin Albasa a Takardar Maiyama

Ba a daɗe da ƙirƙiro Jihar Kebbi ba maigidana ya gama diflomarsa ta aikin gona, muka zauna a gidan mahaifinsa a Jega Firchin muna jiran aiki. A lokacin kowa ya ɗauka sabuwar jiha za ta kwashe duk mai takarda. Ya kai tasa Birnin Kebbi kamar kowa, aka ce ya saurara. Da sauraren ya yi tsawo, sai ya juyo ga 'yan wuraren da ke kusa da mu: wani kamfanin sayen albasa a Aliero, wani injin casar shinkafa a nan Jega, masu sayar da taki da iri, duk dai inda ya ji ana neman mutum.

Ni kuwa na koyi buga tafireta kafin aure, kuma wana ya bar mini tasa da ya tafi hidimar ƙasa. Saboda haka rubuta takardun neman aiki ya zama namu mu biyu. Shi ya tsara Turancin, ni in buga, in sa kabon don mu ajiye kwafi.

Da farko kowace takarda daga tushe yake rubuta ta, ya yini yana goge-goge. Sai na ce mu yi guda mai kyau mu ajiye, mu riƙa ɗauka daga gare ta. Muka sa mata suna uwa. A cikinta akwai abin da ba ya sakewa: karatunsa, inda ya yi aikin gwaji, da gaisuwar rufewa. Duk inda sunan wuri zai shiga na bar fili, na ja layi da jan biro. Wuri uku ne: adireshi a sama, kan magana, da jimlar ƙarshe inda yake cewa zai yi farin cikin aiki da wuri kaza. A tsakiya kuma muka bar sakin layi ɗaya babu komai, domin wannan ba a kwafarsa. Sai ya san wurin tukuna.

Wannan sakin layin shi ne mai cin lokaci. Kafin ya rubuta wa kamfanin Aliero sai da ya tafi ranar kasuwa, ya zauna da masu rumbunan albasa, ya ji cewa babban kukansu ruɓewa ce idan ajiya ta daɗe. Ya dawo rigarsa na warin albasa, ya rubuta abin da ya koya a makaranta kan shanya ta da barin iska ta ratsa rumbu. Ga masu shinkafa kuwa ya yi maganar danshin da ke sa ƙwaya karyewa a inji. Nakan karanta in tambaye shi, “Malam, wannan in an kai ta wani wuri za ta shiga?” In ya ce za ta shiga, sai in ce to ba ta yi ba tukuna, a sake. Wani lokaci ya yi tsaki, amma yakan sake.

Ana nan sai ƙanwata ta haihu a Fagada, na tafi zaman suna. Ina can ya ji cewa wata makarantar kuɗi a Maiyama na neman malamin aikin gona, kuma an kusa rufe karɓar takardu. Bai jira ni ba. Ya jawo tafireta ya buga da yatsa biyu, ya shiga mota ya kai da hannunsa.

Da na dawo ya tarbe ni da fara'a, ya miƙo mini kwafin yana cewa in ga gwaninta. Na zauna bakin gado ina karantawa. Adireshi daidai. Kan magana daidai. Sakin layin tsakiya ma ya yi kyau, ya yi zancen yadda zai koya wa ɗalibai renon shuka da hannunsu. Sai na iso jimlar ƙarshe, na ga sunan kamfanin albasa na Aliero zaune daram.

Na ce, “Daga ina ka kwafa?”

“Daga wadda ke bisa tebur. Mi ya faru?”

“Ba uwar ka ɗauka ba, kwafin ta Aliero ka ɗauka.”

Na nuna masa da yatsa. Ya karɓa ya duba, ya sake dubawa. Uwar tana cikin akwatina, bai neme ta ba. Ya gyara sama domin nan ido ke fara sauka, amma da ya zo ƙasa hannu ya gaji, ya bi abin da ke gabansa harafi-harafi. Ya ajiye kwafin. Can ya ce shi ke nan, Maiyama ta wuce, ba zai iya haɗa ido da mutanen ba.

Na ce ko ta wuce, gara su san ya gani. Na fito da uwar, na buga sabuwa, muka karanta ta a fili, yana karantawa ina bin wuraren jan biro da yatsa. Washegari ya tafi, ba don ransa ya so ba.

Da la'asar ya dawo, ya sha ruwa, sannan ya ba ni labari. Ya tarar da shugaban makarantar, wani dattijo mai farin gemu, a ƙarƙashin darbejiya yana duba littattafan ɗalibai. Da ya faɗi abin da ya kawo shi, dattijon ya yi dariya ya ce, “A'a, kai ne mutumin albasa? Na karanta. Na ce wannan yana son mu, amma ya fi son Aliero.”

Maigidana ya ce, “Ranka shi daɗe, kuskure ne, ga gyararriya.”

Dattijon ya karɓa, ya sa a kawo masa kujera. Ya gaya masa cewa takardun da suka zo, yawancinsu kamar baki ɗaya ya faɗe su, kowa mai ƙwazo ne, kowa mai gaskiya, ba wanda ya ambaci ɗalibi ko gona. Tasa ta ambata, shi ya sa ya karanta har ƙasa, har ya ga sunan. Sai dai bai ɓoye masa ba: mai makarantar ya gani shi ma, ya ce wanda zai duba jarrabawar yara bai kamata ya saki irin wannan ba, kuma sun riga sun tsayar da wani da ya taɓa koyarwa. Duk da haka ya zaga da shi bayan azuzuwa, ya nuna masa filin da suke son mayarwa lambu, suka yi ta hirar rijiya da shinge har aka kira azahar.

Na zaci zan gan shi a karye, amma ya dawo da sauƙin rai fiye da yadda ya fita. Daga ranar duk kwafin da muka aika nakan rubuta “an aika” a samansa da manyan baƙaƙe in kai shi ƙasan akwati, uwar kaɗai ke zama kusa da tafireta. Ambulan ma ba ma rubuta shi sai an gama karanta takardar, don kada ta wani ta shiga na wani.

Aliero ba su taɓa amsawa ba. Masu taki suka ce sai baɗi. Bayan kaka masu injin shinkafa suka aiko ya zo, suka ɗauke shi ya riƙa duba shinkafar da manoma ke kawowa kafin a auna. Wurin ba nisa, da ƙafa yake zuwa. Ina iya jin ƙarar injin daga tsakar gida, kuma in ta tsaya da rana na san yana hanya, sai in sauke tukunya.