Bidiyon da Ya Kwantar da Hamma

Ni na kwantar da wana a kabarinsa. Motar doyar da yake tuƙawa ta kife da shi kusa da Mutum Biyu, a can aka yi masa sutura ranar. Na shiga ramin, na karɓe shi, na juya shi kan ɓangarensa na dama, fuskarsa na duban gabas. Dada, mahaifiyarmu, tana Jalingo, ba ta ga gawarsa ba. Labari kawai muka kawo mata, da hularsa.

Hamma muke kiransa, matarsa kuma Adda, kamar yadda ake kiran yayye a gidanmu. Adda tana da wani gajeren bidiyonsa a wayarta. Yana tsaye a tsakar gidanmu na unguwar Kachalla Sembe da safe, yana ɗaura agogo, yana dariya yana cewa, "Ke, ajiye wayar nan, ni ɗan fim ne?" Sai ya ɗaga murya wajen ɗakin Dada ya ce, "Dada, na fita, sai na dawo." Shi ke nan.

Idon Dada ya yi rauni, ba ta iya ganin komai a allon waya. Bayan an watse daga zaman makoki ta ce mini, "Kai da aikinka ke nan, ka sa mini shi a talabijin." Sana'ata kuwa tura wa mutane waƙoƙi da finafinai a waya da filas, ina da ɗan shago a bakin kasuwa. Na kwafo bidiyon daga wayar Adda, na sa a filas, na soka a tsohuwar na'urar dibidi da ke haɗe da talabijin ɗin ɗakinta, irin mai ƙusumbin nan da ba ta ɗaguwa da hannu ɗaya.

Hamma ya fito a kwance.

Kansa yana hagun allo, ƙafafunsa suna dama, ɓangarensa na dama ne a ƙasa. Talabijin ɗin tana jikin bangon yamma, don haka fuskarsa gabas take kallo. Yana dariya, yana ɗaura agogo, a kwance daidai yadda na bar shi a cikin ƙasa. Dada ta matso, ta ƙanƙance ido.

"Haka kuka kwantar da shi?" ta tambaye ni.

Da na ce mata ban san abin da ya faru da bidiyon ba, da na faɗi gaskiya. Amma ni ne mai shago, ni ake kira in waya ta ƙi a unguwa. Kuma ba na son sake kallon wannan kwanciyar ko sau ɗaya. Sai na juya wajen Adda, wadda ke zaune a bakin ƙofa cikin takabarta, na ce, "Ai ke ce kika riƙe wayar a karkace. Abin da aka ɗauka a karkace ba ya gyaruwa."

"Bappan yara, a wayata a tsaye yake fa," in ji ta a hankali. Haka take kirana, wato ƙanin uban 'ya'yanta.

"Waya daban, talabijin daban. Talabijin ba ta ƙarya."

Dada ba ta yi wa Adda faɗa ba, sai dai na ji ta daga baya tana ce wa wata maƙwabciya, "Abu ɗaya da ya rage mini na yaron nan, shi ma ba a ɗauke shi daidai ba." Adda tana wanke-wanke a kusa, ta ji.

Na ɗauka Dada za ta haƙura da bidiyon. Wata rana bayan la'asar na dawo daga shago na ji muryar Hamma a ɗakinta. Na ɗaga labule. Tana kwance a tabarma kan ɓangarenta na hagu, ta tallafe kunci da tafin hannu, tana fuskantar talabijin. Ta gano cewa in ta kwanta haka, kanta da nasa suna gefe ɗaya, sai ta gan shi a tsaye. Matar da tun muna yara take juya mu da ƙafa in ta same mu kwance ta hagu, tana cewa kwanciyar dama ce sunna.

"Dada, ki tashi, ƙugunki zai yi ciwo."

"Shi ba zai taso ba, ni sai in je masa," ta ce, ba ta ko dube ni ba.

Haka ta ci gaba. Da an kawo wuta sai ta shimfiɗa tabarma. Na'urar tana maimaita bidiyon da kanta, sai ka ji daga tsakar gida, "Dada, na fita, sai na dawo," sannan shiru, sannan dariyarsa, sannan kuma, "Dada, na fita." Ta rage cin abinci. Ta daina zama a ƙarƙashin mangwaro inda mata ke taruwa. In na leƙa na ga su biyun a kwance suna duban juna, sai in ga kamar tana koyon kwanciyar da za ta bi shi da ita. Na san in ban tayar da shi ba, ita ma ba za ta tashi ba.

Na gwada a ɓoye. A kwamfutar shago bidiyon a tsaye yake fitowa, kamar a wayar Adda, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna mini na yi mata ƙazafi, amma na kawar da kai. Na samo wata manhaja mai juya bidiyo, na ce bari in juya shi ta yadda in talabijin ta karkatar da shi zai faɗo daidai. Ta gama nan take, ko jira ban yi ba. A waya sai ya koma kwance. Na kai gida da murna, na soka. Hamma yana nan yadda yake, kan dama, fuska gabas, ko gezau. Ranar na ji tsoro na gaske. Na zare filas ɗin, na mayar mata da na farko.

A tsakanin nan Adda ta gama takaba, 'yan'uwanta suka zo suka tafi da ita Mutum Biyu. Ta durƙusa ta yi wa Dada sallama, ta ce ta yafe mata in akwai abin da ta ɓata. Ina tsaye, na san abin da take nufi, na yi shiru.

Daga ƙarshe na je unguwar Mayo Gwoi wurin wani abokina Bamumuye, mai ɗaukar bidiyon bukukuwa da tarukan coci. Na ba shi labari duka, har da yadda gawa take kwanciya a wurinmu. Ya daina dariyar da ya fara.

"Aboki, ba fatalwa ba ne," ya ce. "Zauna. Kamaran waya, ko ka riƙe shi tsaye, hoton a kwance yana ajiye. Sai ya sa ƙaramin alama a cikin fayil, wai duk wanda zai nuna wannan, ya juya shi tukuna. Waya yana karanta alaman, kwamfuta yana karanta. Wannan tsohon dibidi na mamanka bai je makaranta ba. Yadda ya samu hoto, haka yana zubawa."

"To ai na juya shi, ya ƙi."

"Ya gama da sauri?"

"Nan take."

"To alaman kawai ka canza, ba ka taɓa hoton ba. Ka rubuta wa makaho wasiƙa na biyu."

Na tambaye shi ko yadda aka riƙe wayar ne ya jawo. Ya dube ni. "Wanda ya ɗauka ya riƙe daidai. Wa ya ce maka ba daidai ba?" Na ce babu kowa.

Ya karɓi na asalin, ya ajiye kwafinsa gefe, ya ce wannan kada a taɓa shi har abada. Ya buɗe ɗayan a manhajar da yake haɗa bidiyon biki. Hamma ya fito tsaye. Na kai hannu zan nuna masa inda ake juyawa, ya buge hannun. "Kar ka juya. Wannan ya riga ya karanta alaman. In ka ƙara, zai kwanta ta ɗayan gefe." Abin da za a yi, in ji shi, a sake fitar da bidiyon sabo, kowane hoto a cikinsa a zana shi a tsaye da gaske, alamar kuma a mayar da ita babu, don kada waya ta sake juya abin da aka riga aka juya. Ya sa shi a tsakiyar fili mai faɗi irin na talabijin, baƙi a dama, baƙi a hagu. Wannan karon kwamfutar ta ɗauki lokaci tana aiki. Ya gwada a wata tsohuwar na'ura da yake ajiye da ita don irin wannan, sannan ya miƙo mini.

"Zai yi ƙarami fa," ya ce. "Mutum a tsaye ba ya cika talabijin."

Na sami Dada a tabarma ta riga ta kwanta, tana jiran in gama abin da nake yi a bayan na'urar. Na danna. Baƙi ya rufe gefe biyu na allon, a tsakiya wani siririn haske, Hamma a cikinsa yana ɗaura agogo. Daga inda take kwance, yanzu shi ne ya karkace mata. Sai ta dafa ƙasa, ta tashi zaune da ƙyar, ta ja jiki har gaban talabijin, don ya yi mata ƙanƙanta.

"Kamar yana bakin ƙofa," ta ce.

"Dada, na fita, sai na dawo."

"Allah ya kiyaye hanya," ta amsa masa. Duk kwanakin da ta yi a kwance ban taɓa jin ta amsa ba. Ta bari ya maimaita sau ɗaya, sannan ta ce in kashe, in miƙo mata butarta. Da yamma na gan ta a ƙarƙashin mangwaro.

A nan na durƙusa na gaya mata cewa Adda ta riƙe wayar daidai, na'urar ce ba ta san karatu ba, ni kuma na ɗora wa baiwar Allah laifi don kada a ce ban sani ba. Dada ta daɗe tana kallona. "Ba ni za ka gaya wa ba," ta ce.

Na shiga mota na je Mutum Biyu. Da muka iso wurin da motarsa ta kife, na sunkuyar da kai har muka yi nisa. Na sami Adda tana ɓarar gyaɗa a zauren gidansu. Na gaya mata komai, na ce ta yafe mini, na ce na kawo mata gyararren in tana so.

"Na yafe, Bappan yara," ta ce, ba ta daina ɓarar ba. "Gyararren ka bar wa Dada. Ni a wurina bai taɓa kwanciya ba."

Tsohon filas ɗin yana cikin aljihun tebur a shago. Na kasa goge shi, na kasa tura wa kowa waƙa a kansa. Dada ta ga ɗanta a tsaye, haka kuma take tuna shi. Ni ne har yanzu, in wani ya miƙo mini waya ya ce bidiyonsa ya karkace, sai na ɗan kau da kai kafin in duba ta wane gefe mutumin yake kwance.