Muntari Mai Duba Asusun Angwaye

Muntari Gajere irin mutanen nan ne da ake so ba tare da sun sha wata wahala ba. Tare muka taso a Dawaki, aji ɗaya muka yi, ni nake zuwa na ɗaya, amma shi malamai suke tunawa. Da aka buɗe ƙaramin banki a Rano aka ɗauke mu tare. Shi aka zaunar da shi a teburin karɓar jama'a, ni kuwa, Uzairu, aka ba ni binciken cikin gida, aikin da in ka shigo ofis kowa sai ya yi shiru. Ba zan ɓoye ba, ina jin haushin farin jininsa har cikin raina.

Ranar kasuwa sai ka ga layi a gabansa. Tsofaffi daga Rurum da Kibiya su zo da gyaɗa da zabi, wai na Muntari ne. Ni ko goro babu mai miƙo min. Ba a ɗaurin aure a unguwa ba a kira shi ba, na daɗe ina mamakin dalili.

Bana kwamitin bincike na hukumar bankin ya sa ni duba tsaron kwamfutocinmu da sirrin bayanan masu ajiya. Na bi izinin shiga na'ura da aka ba kowane ma'aikaci, na tarar da na wasu da suka bar aiki har yanzu a buɗe. Na samu masu karɓar kuɗi biyu suna amfani da kalmar sirri ɗaya. Waɗannan duk gyara ne kawai. Sai na zo kan tarihin da na'ura ke ajiyewa na wanda ya buɗe wane asusu, da yaushe. Na ɗebi wasu na gwada su da buƙatun da masu asusun suka kawo. Na Muntari suka ƙi haɗuwa. Yana buɗe asusun mutanen da ba su zo ba, ba su kira ba, kuma kusan dukkansu samari ne.

Ka'ida ce a ji ta bakin mutum kafin a rubuta rahoto, don haka na kira shi. Ko gezau bai yi ba.

"Binciken aure ne, mutumina," in ji shi. "Dattijo zai zo ya ce wane yana neman 'yarsa, yana da abin yi ko cika baki ne? In ce masa me? Ba na faɗin adadi. Cewa nake a ba shi, ko a dakata."

Na ce masa doka ba ta yarda a buɗe bayanan mutum don wani ba tare da izininsa ba, ko da kalma ɗaya za ka fitar. Ya yi dariya ya ce taimako ne. Wallahi a lokacin wani daɗi ya ratsa ni. Yau dai ga ɗan lelen gari a hannuna, aikinsa na rataye da abin da zan rubuta.

Da na koma ina ƙarasa tantancewa, sai na ci karo da lambar asusuna. Ya buɗe shi bara, a daidai makonnin da nake zaryar gidan Malam Isiyaku neman auren Jannatu, lokacin da tsohon yake ta ja min rai.

Na kai wa shugaban kwamitin maganar cewa ina cikin waɗanda abin ya shafa, aka sa wani ya sake duba aikin. Abin da na gani shi ya gani. Hukumar gudanarwa ta rufe izinin Muntari, ta sallame shi, aka kuma taƙaita abin da mai teburin zai iya buɗewa.

Kun san abin da ya biyo baya? Gari ya yi ta zuwa yi masa jaje kamar an yi rasuwa. Ya kama shago kusa da tasha yana cire wa mutane kuɗi, layin nan ya bi shi can, har da zabin. Ni kuwa a masallaci gaisuwar ma da ƙyar ake amsa min.

Wata rana da yamma na dawo na tarar da matata Jannatu tana tankaɗe a tsakar gida. Na tambaye ta ko ta san Muntari ya taɓa duba asusuna.

Ba ta ɗago ba ta ce, "Na sani mana. Baba ya riga ya yanke ba zai ba ka ni ba, wai ba ka da fara'a, ba a san cikinka ba. Muntari ne ya je har zaure ya ce a ba ka."

Na zauna a bakin tabarma na kasa cire takalmi. Matar da nake ganin ita kaɗai na samu da kaina, ashe ita ma sai da ya sa baki. Na so in ji kunya ko godiya, amma abin da ya taso min shi ne haushin nan na tun muna aji ɗaya.

"Gobe za ni gaida matarsa," in ji Jannatu. "In ce kana gaishe shi?"