Rabin maki a kan baskil

A shekarata ta biyu ta karatun lantarki a Tawa, malam ya ba ni sifili a tambayar baskil, wato da'irar lantarki mai riƙe ɗaya ko sifili. An ce mu zana wadda ke juyawa daga ɗaya zuwa sifili, daga sifili zuwa ɗaya, a kowane bugun agogon da'irar. Shi irin baskil da ake kira JK yake jira, mashigunta J da K duka a ɗaya. Ni kuwa na ɗauki irin da ake kira D, na mayar mata da akasin Q, wato abin da take fitarwa. Sifilin nan zai sa in maimaita darasin.

Na rubuta masa wasiƙa: na farko ga tambayar, na biyu ga zanena, na uku ga jadawalin da ke nuna aikin tawa da na JK ɗaya ne, don Allah a sake dubawa.

Ya kira ni ofis, ya ce, "Tana aiki, amma ba haka na koya muku ba." Ya ba ni rabin maki. Na haye da ƙyar, kuma har yau raina na ɓaci.