Takardar Kwana Uku

Ni ne na kai kaina ofishin, ba wanda ya kai ƙarata.

A lokacin wata biyar ke nan da buɗe ɗan shagona na magani a unguwar Luggere. Kafin nan na yi shekaru ina tsare wa yayana kemis ɗinsa, sai aka shirya wata bita ta kwana uku a Jimeta kan zazzaɓin sauro, na je. Ranar ƙarshe aka ba mu takarda mai hatimi ruwan zinare. Na sa mata gilashi na rataya, na fara ciniki. Amma hankalina ya ƙi kwanciya. Karatuna firamare ne, kuma akwai kalma ɗaya a jikinta da na kasa ganewa. Na tambayi yayana.

"Hamma, wannan ta isa?"

"Ga hatimi kamar na gwamna, me kake nema kuma? Kai ko ruwa aka ba ka sai ka tambayi ranar da zai lalace."

Duk da haka na cire ta daga bango, na hau keke zuwa ofishin masu kula da shagunan magani. Wata ma'aikaciya, 'yar kudancin jiha, ta karɓa ta duba.

"Baba, an yi muku jarrabawa?"

"A'a, Madam. An dai ba mu shinkafa."

Ta ɗan murmusa, ta ɗora yatsa kan kalmar nan da na kasa ganewa. "To wannan cewa kawai ta yi ka zo ka zauna. Wanda ya yi barci a wurin ma ya samu irinta."

Na ce ai na ɗauka difloma ce ƙarama. Ta ce difloma makaranta ke bayarwa, bayan shekaru ana karatu ana cin jarrabawa. Akwai kuma shaidar ƙwarewa, wadda masu sana'a ke bayarwa idan sun gwada mutum sun ga ya iya, kuma ana faɗuwa. Amma ko mai difloma ba ya buɗe shagon magani sai da lasisi. Shi izinin hukuma ne, sai an zo an duba shagon, kuma duk shekara ake sabunta shi.

"Ka riga ka buɗe?"

Ba ta san unguwarmu ba, da na ce a'a da shi ke nan. Na ce wata biyar. Ta miƙo mini fom na neman lasisi, ta ce in rufe har a zo dubawa.

Na rufe ranar. Maƙwabta suka ce jabun magani aka kama ni da shi, yayana ya yi mako bai amsa gaisuwata ba. Kullum da safe ina shiga ta ƙofar baya, in juya kwalaben maganin tari ina karanta kwanan watansu. Kafin masu dubawa su zo, rabinsu sun wuce lokaci. Ni da kaina na kwashe su.