Jingar Gonar Alhaji

Sana'ata a damina huɗa ce. Bijimai biyu gare ni, fari da ja, da garma ɗaya wadda maƙerin garinmu ya yi wa gyara har ya gaji da ganina. A yankinmu na Gwiwa masu kuɗi suna kiran tarakta, amma tarakta ba ta shiga kowace gona, kuma ba ta zuwa ranar da kake so. Saboda haka da ruwa ya sauka wayata ba ta hutawa. Ba yabon kai ba, kunyoyin da nake tayarwa a miƙe suke fita, mai shuka ba ya tsaki a bayana.

Jinga nake yi. Kafin in ɗaura wa shanu karkiya, ni da mai gona sai mun zagaya ta da ƙafa, ya nuna mini iyaka, mu tsayar da magana. Ina yin haka ne don in san ranar da zan gama, in faɗa wa na gaba ranar da zai gan ni. Ƙasarmu rairayi ce, ba ta riƙe laima. In ruwa ya yi aka bar rana ta dake ta, garma sai dai ta ja ƙura, kunya ba ta tsayuwa. Shanu kuma daga sassafe suke aiki zuwa rana ta take, daga nan sai inuwa da dusa. Wanda ya matsa musu fiye da haka zai ga wuya ya saɓule, ya zauna jinya ana tsakiyar aiki.

A wata damina Alhaji ya kira ni. Ɗan kasuwar hatsi ne, abokin mahaifina tun suna samari, ni Baba nake ce masa. Muka zagaya gonarsa ta bayan gari, daga gindin gawo zuwa jerin aduwa, muka daidaita. Bayansa kuma na yi wa wani malamin firamare alkawarin safiyar Asabar. 'Yar gonarsa ba ta da girma, gyaɗa zai zuba, ya ɓare iri ya ajiye, kuma ranar ba ya makaranta. Aka yi ruwa mai kyau, na lissafa na ga komai zai shiga.

Ranar farko ina cikin aiki Alhaji ya iso a kan babur, ya tsaya yana yaba shanu.

"Sannu da ƙoƙari, ɗana. Ga ɗan gefen nan bayan aduwa, bana na saya. Tunda garma na kusa, ka ɗan lasa mini shi."

Gefen bai taka kara ya karya ba. Na ce to, Baba, na yi masa da zuciya ɗaya. Washegari sai ga maganar taki. Akwai tari a ƙofar gidansa, in na tashi sai in ɗaura amalanke in kawo masa sawu ɗaya. Sawu ɗaya ya haifi ɗan'uwansa. Nan ma na yi masa, amma da na kwance shanu na ga jan bijimin ya tsaya ya sunkuyar da kai, ko dusar bai kula ba sai da ya jima. Raina ya ɓaci, don dabba ba ta da bakin cewa ta gaji.

Ranar Juma'a da hantsi na fitar da kunya ta ƙarshe. Ina goge garma Alhaji ya zo da fara'arsa, har da ƙwaryar fura. Na san furar nan ba ta banza ba ce, amma na sha, don ƙishirwa ba ta san siyasa ba.

"Madalla, aiki ya yi kyau," in ji shi. "To gobe sai ka faɗa gonar surukina, ga ta can ƙetaren hanya. Ai duk abu ɗaya ne, gida ɗaya muke. Ka haɗa kawai."

Gonar da ya kira abu ɗaya ta kusa kai tasa girma. Na ajiye ƙwarya, na durƙusa kamar yadda na saba yi masa.

"Allah ya ƙara girma, Baba. Jingarmu daga gawo zuwa aduwa ce, kuma ga ta na kammala. Gefen da ka saya da takin nan na yi su ne don girmanka, ban sa su a lissafi ba. Amma gonar surukinka aiki ne daban. Gobe ta malam ce, na riga na ba shi baki."

"Malamin makarantar nan? 'Yar gonar tasa ai ko jibi ka yi ta."

"Jibi laima ta tafi, Baba. Ka fi ni sani."

Ya gyara tsayuwa. "Yanzu ni zan ce ka yi mini gyara ka tsaya kawo mini dogon bayani? Da ni da ubanka..."

"Ku kuka koya mana ciniki," na ce. "In mutum ya sayi tiya a wurinka, kai kake ɗiban gyara da hannunka ka zuba masa. Ban taɓa ganin mai saye ya kai hannu buhunka ya auni wata tiyar ya ce gyara ce ba."

Ya tsura mini ido. Ban taɓa mayar masa da magana ba sai ranar. Sai na yi sauri na kawo masa mafita.

"In surukinka yana so, in aka sake ruwa mu zagaya gonar tare da shi, mu yi jingarta, in sa shi a layi. In kuma sauri yake, akwai mai shanu a unguwar gabas, aikinsa ba laifi, yanzu zan kira maka shi."

"Bar shi," ya ce. Ya sallame ni a kan abin da muka yi magana, ya ɗauki ƙwaryarsa ya hau babur. Ko a gaida gida bai ce ba.

Da yamma labari ya riga ni isa wurin mahaifina. Ya ce, "An ce ka yi wa Alhaji tsaurin ido." Na zayyana masa yadda aka yi. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya tambaye ni ko a tsaye na yi maganar ko a durƙushe. Na ce a durƙushe. Ya ce to je ka ba shanunka ruwa.

Asabar da sassafe na kora shanu zuwa gonar malam. Tun daga nesa na hango mutum a duƙe. Malam ne, ya naɗe ƙafar wando, yana tayar da kunya da garmar hannu, matarsa na zaune a gefe da kwanon iri. Ya yi 'yan layuka a karkace, zufa ta jiƙa masa riga tun rana ba ta fito sosai ba. Hannun da ya saba riƙe alli har ya yi bororo.

"Malam, me ya kawo wannan?" na ce. "Ba na ce maka Asabar ba?"

Ya miƙe da ƙyar yana dafe da ƙugu. "Jiya aka ce mini Alhaji ya ƙara maka gona. Kowa ya ce in haƙura, wai ba a barin aikin Alhaji a zo na irinmu. Shi ne na ce bari in rage abin da zan iya kafin ƙasa ta bushe."

Na tura yatsa cikin ƙasa, na ji da sauran sanyi a ciki. Na ɗaura garma, na daka wa shanu tsawa. Malam bai matsa ba, yana tsaye riƙe da garmarsa yana kallonmu kamar baƙi. Sai da matarsa ta taso ta zare ta daga hannunsa, ta miƙa masa kwanon iri ta ce, "Ai sai ka bi bayansu."