Sirinji Mai Jan Murfi

Ni ne ɗan fari a gidanmu, don haka Baba bai taɓa kiran sunana ba. "Kai" yake ce mini. In yana magana da Inna a kaina sai ya ce "wancan". Haka muka taso muka tarar a Shagari, uba yana jin kunyar ɗansa na fari, ba ya faɗin sunansa, ba ya yabonsa a gaban mutane. Ban taɓa jin zafin abin ba sai da wata yarinyar kemis ta shigo rayuwarmu.

Ciwon suga ya kama Baba tun yana da ƙarfin zuwa gonar albasa. Da ƙwayoyi suka daina yi masa aiki, likita ya mayar da shi kan allurar insulin, yunit sha shida da safe, yunit takwas da yamma, awon da ke rubuce a layukan sirinji, kowace kafin ya ci abinci. Idonsa ya yi rauni, ba ya ganin layukan da ke jikin sirinji, sai aikin ya dawo kaina. Ni tela ne, amma ba na buɗe shago sai na yi wa Baba allura. In ɗauko kwalbar maganin daga cikin gwangwanin da muke binnewa a jiƙaƙƙen yashi gindin randa, saboda ba ta son zafi, in murza ta a tafin hannu har farin ruwan ya haɗe, in ja zuwa layin sha shida, in ƙwanƙwasa sirinjin da farce iska ta fita, in tsunkuli fatar cikinsa in soka. Shekara da shekaru ina wannan. Abin da nake samu a wurinsa shi ne ya saki rigarsa ya ce, "To."

A Boɗinga nake sayen maganin, a wani kemis babba da ke da firji. Mai shagon ya karanci haɗa magunguna, mutum ne mai fara'a, mun saba. Wani zuwa da na yi ya ce irin kwalbar da nake saye ta yanke a kasuwa, ga wata, magani ɗaya ne, in ci gaba da lambar da likita ya rubuta. Na karɓa na tafi. Sirinji kuwa ban saya ba, ina da ragowar kwali a gida, masu jan murfi, irin waɗanda nake amfani da su tun farko.

Washegari na yi masa allura yadda na saba, ya sha kununsa, na tafi shago. Rana ba ta kai tsaka ba ƙanena ya zo a guje. Na tarar da Baba a zaure, gumi ya jiƙa rigarsa sharkaf, hannunsa na rawa, yana kallon mutane kamar bai san su ba. Na durƙusa na riƙe kafaɗarsa. Ya dube ni, ya kira sunana. Sunana na yanka, cikakke, har sau biyu. Wallahi a cikin wannan tashin hankalin wani daɗi ya ratsa ni wanda ban taɓa ji ba.

Inna ta fi ni hankali. Ta ga yana iya haɗiya, ta dama suga a ruwa ta ba shi a hankali, ta bi shi da fura. Can ya dawo hayyacinsa ya ce, "Mi ya hwaru kuka taru a kaina?" Na ɗauko na'urar gwajin suga, sai na tarar tsinkayen gwajin sun ƙare. Na ce wa ƙanena in magariba ta gabato ban dawo ba, ya ja allura zuwa layin takwas ya yi masa. Na jefa sirinji ɗaya a aljihu don in ƙaro irinsa, na hau mota zuwa Boɗinga.

Shagon cike yake da mutane bayan la'asar. Na ba mai shagon labari. Ya ce hakan na faruwa in dattijo bai ci abinci sosai ba bayan allura, a riƙa matsa masa ya ci, in ya sake faruwa a koma wa likita. Ya ba ni tsinkayen gwaji. Na ajiye sirinjina a kan kanta na ce ya ba ni irinsa, ya juya ya ce wa yarinyar da ke jera kaya ta miƙo kwali ɗaya.

Sabuwa ce a shagon, 'yar siririya, ba ta fi shekara sha tara ba, hijabinta ya kusa haɗiye ta. Ni a ganina share-share da miƙo kaya ne aikinta. Ta ɗauko kwalin, amma ba ta miƙo ba. Ta dubi sirinjina, ta dubi firji.

"Yallaɓai," ta ce da mai shagon, "wace kwalba aka ba shi jiya?"

Ya ce, "Sabuwar mana. Miƙo masa, mutane na jira."

"Yallaɓai, a gafarce ni. Sabuwar mai ɗari ce. Wannan sirinjin na mai arba'in ne."

Ni na fara hasala. Na ce, "Ke yarinya, tun kina firamare nake allura da wannan sirinjin. Miƙo mini in kama hanya." Ba ta ko kalle ni ba, ta kuma riƙe kwalin a ƙirjinta. Ta buɗe firji ta ɗauko irin kwalbar da aka ba ni, ta nuna wa mai shagon lambar da ke jiki. Ta ce ita ta jera kayan ranar da suka iso, ta ga sun zo da wasu sirinji masu murfi ruwan goro, ta karanta takardar cikin kwalin. Tsohuwar kwalba, in ji ta, yunit arba'in ne a kowane mil, wato kowane cikin sirinji ɗaya, kuma da ita aka auna layukan mai jan murfi. Sabuwar yunit ɗari ne a daidai wannan ruwan. Magani ɗaya ne, amma wannan ya fi kauri ninki biyu da rabi.

Da ta ga ina harararta, sai ta zuba ruwa a kofi. Ta ja ruwan da sirinji mai jan murfi zuwa layin sha shida, ta tsiyaye shi a murfin kwalba, ta zuƙe shi duka da mai ruwan goro. Ta ɗaga shi a gaban idona. Ruwan ya tsaya a layin arba'in.

"Abin da ya shiga jikin Baba da safe ke nan," ta ce. "Likita sha shida ya ce."

Mai shagon ya dafe kai ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Bai yi gardama ba, wannan kam na yaba masa. Ya tambaye ni nawa ne na yamma, na ce takwas. Ya ce da wancan sirinjin ashirin ke nan, ga na safe bai gama aiki ba, domin farar allurar tana daɗewa a jiki. Ya ce da rana an ga gumi an ba shi suga, amma in a cikin barci sugan ya faɗi, ba mai gani, mutum na iya zarcewa. Sai na tuna saƙon da na bar wa ƙanena.

Na kira shi a waya, ba ta shiga ba. Na sake kira, tana ƙara ba a ɗauka. Ladanin masallacin kasuwa ya fara gyaran murya. A na uku ya ɗauka, ya ce ga kwalba a hannunsa yana murzawa. Ihun da na yi sai da masu sayen magani suka ja da baya. "Ajiye! Kada ka taɓa shi!"

Mai shagon ya kira likita a gabana. Aka ce kada a yi allurar yamma, a ba Baba abinci, a kai shi asibiti a riƙa gwada sugan har ya daidaita. Ya ba ni sirinji masu ruwan goro, ya ce in tattara jajayen duka in dawo da su kada su kwana a gidan. Ina fita na ji yana tambayar yarinyar su wa da wa aka sayar wa sabuwar kwalba, a neme su yanzu.

Baba ya kwana asibiti ya dawo lafiya. Ni da bakina na ba shi labarin, na kuma faɗi sunanta. Da na sani!

Tun daga ranar sunan yarinyar nan bai bar bakinsa ba. Ya sa na kai shi Boɗinga takanas, ya tsaya gaban kanta da sandarsa yana sa mata albarka har ta rufe fuska. "Ɗiyata," yake ce mata. In an cire albasa, buhun farko nata ne, kuma wa zai ɗauka ya kai? Ni. Ƙwan zabi na farkon damina nata ne. In abokansa sun taru a zaure sai ya fara, "Ba don ɗiyar nan ta Boɗinga ba, da kun daɗe da cin gumbata." Ni ina gefe ina zuba musu shayi. Bayan sallah ina jin sa yana ambatonta a addu'a, sunanta da na mahaifinta, kamar mai karanta takardar gado.

Haba jama'a! Magana ɗaya ta yi, rana ɗaya. Ni fa? Wa ya bar ɗinkin sallah a kan keke ya dawo gida don allurar yamma? Wa ya ƙi zuwa Sakkwato lokacin da aka yi mini tayin shago a can? Na taɓa fashewa a gaban Inna na faɗi duk wannan. Ta yi dariya ta ce, "Ƙato da kai, da gemu, kana kishi da 'yar mutane?" Na ce ƙwarai kuwa, kishi nake, ba na ɓoyewa. Abin haushin ma, yarinyar ba ta ba ni abin da zan riƙe ba. In na je sai ta gaishe ni da ladabi, ta ce Yaya, ta duba kwalba ta duba sirinji kafin ta sa a leda. Ni ma sai in duba a gabanta, don ta san ba ita kaɗai ke da ido ba.

Rannan na kasa haƙuri na tambayi Baba ko ya tuna abin da ya faɗa a zaure ranar da jikinsa ya rikice. Ya ce bai tuna komai ba. Inna ta gaya masa ya kira sunana. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Subhanallahi. Lallai ban san inda nike ba."

Yana nan da ransa, ya tsufa ƙwarai. Kullum da hantsi nakan bar keke in leƙo gida, lokacin da allurar safe ke tsakiyar aikinta. In tsaya a ƙofar zaure in yi sallama, in kasa kunne. Rabin zuciyata na son in sake jin sunan nan, amma na san abin da zai sa ya faɗe shi. Sai ya ɗago kai ya ce, "Kai ne? In ka tashi zuwa Boɗinga, akwai saƙon ɗiyata." In ce to, alhamdulillahi, in koma shago.