Yadda Hajiya ta zama ma'aunin rubutun fim

Shekara talatin da 'yan kai na yi ina tafinta a kotu, daga Fillanci zuwa Hausa. Karatuna bai wuce firamare ba, Fillancin kuma a bakin mahaifiyata na same shi. Abu ɗaya na riƙe a aikin nan, shi ne duk abin da mai shaida ya faɗa sai na mayar da shi cif, ko rantsuwa ce, ko zagi, ko maimaici. Da shi na yi alfahari har na yi ritaya na koma zaman gida a Unguwar Dosa.

Wata rana 'yar wani aminina marigayi ta zo gaishe mu. Aikinta haɗa fina-finai a wani ɗan ofis a Unguwar Rimi. Ta ce suna da fim na gaskiya, ba na wasa ba, kan matan Fulani masu tallan nono da yadda burtali, wato hanyar shanu, ke ƙarewa, tsawonsa awa biyu da rabi, kusan duk da Fillanci. Suna son rubutun Hausa ya riƙa fitowa a ƙasan hoto, domin za a kai shi ajujuwan yaƙi da jahilci na mata a nuna musu.

"Baba, kai ne ka faɗo mini a rai," in ji ta.

Na gyara zama na ce, "Ai kin zo gidan abin."

Mako uku na yi ina hawa keke napep zuwa ofishinsu, ina saurare da abin kunne, ina rubutawa a littafi. Na cika littafi huɗu. Da ta shigar da aikina cikin kwamfuta sai gefen allon ya yi ja wur, kamar an watsa manja. Na tambaye ta ko na'urar ce ta lalace. Ta yi dariya, ta ja mini kujera ta zaunar da ni.

Ta ce rubutun ƙasan fim ba ya wuce layi biyu a lokaci guda, kowane layi kuma ba ya wuce harafi arba'in da biyu, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi da waƙafi da aya, duk ana ƙirga su. Rubutu yana fitowa idan mutum ya fara magana, ya ɓace jim kaɗan bayan ya yi shiru, ba ya jiran kowa. Ga wanda ya saba karatu, ana iya ba shi harafi goma sha bakwai a kowane sakan. Amma tunda matan da suka koyi karatu da girma ne za su kalla, an tsayar mata da goma sha biyu. Duk inda ya yi ja, na wuce gona da iri.

Na ce, "To a rage gudun fim ɗin mana."

"Baba, sai tsohuwar ta riƙa magana kamar rediyon da batirinsa ya yi sanyi."

Ta yi ta yanke maganganun, ni kuma ina ta mayar da su. Ta cire gaisuwa, wai ai mai kallo yana ganin ana gaisawa. Na ce gaisuwar Bafillatana ba abin yarwa ba ce. Ta cire maimaici, na ce ni ban taɓa sace maganar shaida ba, ba kuma zan fara da furfura ba. Abin da na yi daga nan bai kyautu ba: na tsallake ta na kai ƙararta wurin mai fim ɗin, na ce yarinya tana ɓata amanar mutane. 'Yar aminina, wadda ta nemo mini aikin da kanta. Shi kuwa mutum ne mai sanyi. Ya ce ba zai raba gardamar da baki ba, a samo irin wadda aka yi fim ɗin dominta, a sa mata minti goma na nawa, a gani.

Yarinyar ba ta nuna fushi ba. Ta ce, "Ai ba sai an je nesa ba. Ga Hajiya a gida."

Ban so hakan ba, kuma dole in faɗi dalili.

Hajiya matata ce, kuma ba a sa ta boko ba. Bayan 'ya'yanmu sun girma ta shiga ajin manya a Unguwar Shanu, tana tafiya da littafinta cikin mayafi, tana dawowa da murna. Wata rana aka kawo katin ɗaurin aure, ga baƙi a falo. Ta karɓa ta fara karantawa a fili, a hankali, yatsa a kan layi. Na fizge katin na ce, "Kawo nan. Kafin ki gama an ɗaura auren, an haihu, an yi suna." Baƙi suka fashe da dariya, ni ma na ji daɗin kaina. Ita ma ta yi murmushi. Amma daga ranar ban sake ganin takarda a hannunta ba. Ko saƙo ya shigo wayarta sai ta miƙo mini ta ce idonta ba ya gani. Fiye da shekara goma ke nan, kuma na san idonta ƙalau. Na dai bar abin a haka, saboda ya fi mini sauƙi.

Ranar Asabar da hantsi yarinyar ta zo da kwamfutarta. Ta ɗora a kan tebur ta ce, "Mama, taimako za ki yi mana. Ki karanta abin da ya fito a ƙasa kawai."

Hajiya ta dube ni ta ce, "Ga malamin karatu a zaune, me zan yi muku?"

"Shi ne muke son mu gwada, Mama, ba ke ba."

Wannan ya sa ta zauna. Aka kunna nawa. Wata tsohuwa ce a fim ɗin take ba da labarin saniyar da ta raina tun tana maraƙa, aka sayar da ita shekarar da kiwo ya gagara. Magana ce ta sakan shida. Ga yadda na rubuta ta: "Wallahi tallahi, ɗan nan, ina gaya maka, ranar da aka kora saniyar nan kasuwa, ni da kaina ban iya na kalli hanya ba, sai na shiga ɗaki." Haruffa sun haura ɗari da talatin, har sai da aka raba su gida biyu, kowanne ya ɗan leƙo ya wuce.

Leɓen Hajiya ya motsa. "Wallahi... tallahi..." Rubutu ya ɓace. Wani ya zo. "Kasu..." Ya ɓace. Ta ƙara matsowa, ta sake gwadawa a na gaba, shi ma ya tsere mata. Sai ta miƙe ta gyara ɗaurin zane ta ce, "Bari in duba tukunyata."

Babu tukunya a wuta. Ni na sani, domin da safe ta ce mini gas ya ƙare.

Yarinyar ta sunkuyar da kai tana taɓa kwamfuta. Ni kuwa na ga abin da na yi sarai: na sake fizge mata katin, wannan karon da na'ura. Kuma da an bi tawa, da haka za a yi wa mata aji-aji.

Na same ta a kicin tana goge murfin da ba shi da datti. Ban iya doguwar magana ba. Na ce mata ranar katin nan na yi laifi, na daɗe da sani, girman kai ya hana ni faɗa. Na ce ta yafe mini.

Ta ce, "Wane kati?"

Na fara bayani, ta katse ni. "Mai ruwan ɗorawa, na 'yar maƙwabta. Ka tsayar da ni ina layi na uku." Ta ajiye murfin. "Malam, ashe kotu tana kama tafinta."

Ta dawo falo da sharaɗi ɗaya: idan tana karatu, in rufe bakina, in kuma zauna a kan hannuwana. Yarinyar ta yi dariya har da hawaye. Na nemi gafararta ita ma kan ƙarar da na kai ta, ta ce ai ba a ƙarar 'ya sai a wurin uba, ni kuwa na rasa uban ne na je wurin wani.

Nan take na ɗauki biro don in nuna na tuba. Na yanke maganar tsohuwar ta koma: "Na yi baƙin ciki da aka sayar da ita." Ja ya ɓace. Na dubi Hajiya ina jiran yabo. Ta karanta tsaf har ƙarshe, sannan ta girgiza kai.

"Haka ta faɗa?"

"Ma'anar ke nan."

"Kai da uwarka Bafillatana? Yaushe ka taɓa jin ta ce ta yi baƙin ciki? Matar nan kunya ta hana ta faɗa, shi ya sa ta ce ba ta iya kallon hanya ba. Ka zubar da nonon ka riƙe ƙwarya."

Muka sake. Aka cire rantsuwar, tunda ana jin ta a murya. Aka cire "ɗan nan" da "ina gaya maka". Shiga ɗakin ma ya tafi, duk da na ji zafinsa. Abin da ya rage layi biyu ne: "Ranar da aka kai ta kasuwa," a sama, "ban iya kallon hanya ba." a ƙasa. Harafi hamsin da ɗaya a sakan shida. Hajiya ta karanta, ta gama, har ta sami sarari ta ɗaga ido ta kalli fuskar tsohuwar. Ta ce, "Allah sarki." Ni da na saurari wurin nan ya fi sau ashirin, ranar na fara lura cewa matar tana murza bakin zanenta.

Wata guda muka yi a haka. Kullum bayan azahar yarinyar ta zo da kwamfuta, a yi minti biyar ko shida na fim. Idan na'ura ta ce lafiya amma Hajiya ta yi tuntuɓe, sai a nemi kalma mafi sauƙi, ko a gyara inda aka karya layi don kada a raba abin da ke tafiya tare. Wani wurin na ci gardama. Akwai dattijon da ya gaida shanunsa ɗaya bayan ɗaya, yana magana a hankali, lokaci ya isa, aka bar gaisuwar duka. Na yi kwana biyu ina tuna musu.

Ban je wurin nunin farko ba, na mata ne. Hajiya ta je, ta dawo ta ce ajin duka suna karantawa a fili tare kamar masu hadda, wata ma ta yi wa allo tsawa ta ce a bar tsohuwa da saniyarta.

Bayan sallar layya aka kawo wani katin biki. Na miƙa hannu bisa sabo, sai na ga ta riga ni. Ta sa yatsa a layin farko, ta dube ni ta gefen ido. Na ɗaga cinya na tura hannuwana ƙasa. Ta karanta shi duka, har da sunan maɗaba'ar da ta buga shi a can ƙasa, wanda na tabbata da gangan ta ƙara.

"To, Malam," in ji ta, "an yi sunan?"